Uzuri Daban, Sakaci Daban: Martani ga Mai Sukar Gajeren Notis

Na karanta maƙalar da wani malami ya rubuta kwanan baya game da ma'aikatan da ke zuwa gaban shugabanninsu ana saura kwana biyu ko uku, suna neman izinin fashin aiki saboda an sa musu ranar tiyata ko ranar jarrabawa. Da yake na shekara goma sha wani abu ina riƙe da jadawalin masu lodi a wajen wani ɗan kwangilar dakon siminti a Kalambaina, sai na ga bai kamata in yi shiru ba, don maganar ta taɓa abin da na yi ta fama da shi safe da yamma. Hukuncin malamin a taƙaice shi ne, duk wanda bai ba da notis na mako biyu ba, kada a saurare shi, domin a ganinsa cuta ba ta tsirowa dare ɗaya, jarrabawa kuwa sai an yi rajista da watanni kafin a zauna ta, saboda haka kalmar "ba zato" da suke fakewa da ita ba kome ba ce face sakaci da aka sa wa rigar uzuri.

Kafin in saɓa masa, wajibi ne in ba shi haƙƙinsa. Wanda bai taɓa zama da jadawalin aikin karɓa-karɓa ba, ba zai san zafin da ke cikin rasa mutum ɗaya ba. Tun da aka kafa Kamfanin Siminti na Arewa a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967, har zuwa yau da masana'antar ke hannun BUA, rayuwar Kalambaina a kan wuta take wadda ba a son ta mutu, domin murhun da ke gasa farar ƙasa da zafin da ya kai kimanin digiri 1,450 ba tukunyar tuwo ba ce da za a sauke a mayar yadda aka ga dama, kuma duk wanda ke cin abinci a gefensa, daga mai fasa dutse har direban da ke kwana a layi, da tafiyar wutar nan yake tafiya. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600, kowane buhu kilo 50, idan kuwa ayarin da aka tsara wa mutum shida ya wayi gari da biyar, to nauyin na shidan a wuyan sauran zai sauka, ko mota ta kwana ba a loda ta ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma na ga maƙaryata da idona. Inda muka rabu da malamin shi ne wurin da ya aza ma'auninsa.

Shi yana ƙidaya kwanakin da ke tsakanin ranar da aka nemi izini da ranar da za a tafi. Ni kuwa abin da na koya, bayan na yi kuskure ba sau ɗaya ba, shi ne a ƙidaya sa'o'in da ke tsakanin lokacin da ma'aikaci ya sami labari da lokacin da ya isar da shi, saboda na farkon ba a hannunsa yake ba, na biyun kuwa amana ce a wuyansa. Malamanmu na fiƙihu, waɗanda Sakkwato ba ta taɓa rasa su ba, sun raba lokacin salla gida biyu, muhtari da laruri, suka ce wanda uzuri ya riƙe, kamar barci ko mantuwa ko suma, har ya yi sallarsa a laruri, babu zunubi a kansa, amma wanda ya jinkirta da gangan har ya kai wannan lokaci ya yi laifi, alhali kuwa su biyun a sa'a ɗaya suka kabbarta. Da an bi hanyar malamin, da agogo kaɗai za a duba a yanke musu hukunci iri ɗaya. Fuƙaha'u ba su yi haka ba, sababin jinkirin suka bincika.

Bari in ba da labarin da ya canza mini ra'ayi, domin a dā ra'ayina da na malamin ɗaya ne. Akwai wani mai lodi a ayarina, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ƙaba ta fito masa a matsematsi, ciwon da ba baƙo ba ne ga masu ɗaukar nauyi. Ya je asibiti tun da damina, likita ya duba shi ya ce sai an yi aiki, aka rubuta masa gwajin jini da na fitsari, aka auna hawan jininsa, aka sa sunansa a cikin littafin masu jira, aka ce ya bar lambar wayarsa. Ba a ba shi rana ba, kuma wannan ita ce gaɓar da malamin bai sani ba ko ya tsallake. A asibitocin gwamnati da yawa, kowane rukunin likitocin fiɗa yana da ranakunsa na ɗakin tiyata a mako, jerin waɗanda za a yi wa aiki kuwa ba a kammala shi sai ranar ta matso, domin sai an ga wanda sakamakon gwajinsa ya fito, da wanda ya biya kuɗi, da wanda danginsa suka ba da jini idan aikin na bukata, da wanda likitan sa barci ya yarda da lafiyarsa. Idan wani daga cikin waɗanda aka sa ya zo da hawan jini ko mura mai tsanani, sai a cire shi a kira na bayansa, wanda aka kira kuwa idan ya ce ba zai samu zuwa ba, sai a wuce shi, ya koma jiran da ba wanda zai gaya masa iyakarsa. Ga kuma yajin aiki, irin wanda likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga a faɗin ƙasa daga watan Agusta zuwa Oktoba na 2021, wanda ke tara masu jira, idan an dawo kuma a riƙa kiransu a gurguje.

Mutumin nan an kira shi ran Alhamis da la'asar, aka ce ya zo ran Litinin a ba shi gado, a yi aiki ran Talata. Bai zo mini ba sai Asabar bayan an tashi, ya tsuguna a bakin ofis, ya ce, "Ranka shi daɗe, wata 'yar lalura ce ta taso, ina son a ɗaga mini ƙafa mako mai zuwa." Na tambaye shi wace iri, ya yi ta kewaye-kewaye, sai da na matsa sannan ya zaro katin asibiti da ya yi laushi don zama cikin aljihu. Da na ga kwanan watan farko da ke jikinsa, wata biyar ke nan, raina ya ɓaci, na ce, "Haba Malam, wata biyar kana ɗauke da wannan abu, kana saɓa buhu a gabana kullum, sai yau da na riga na rufe jadawali?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, tsoro na ji kada a ce ban iya aiki a sallame ni."

A cikin wannan labari akwai jinkiri iri uku, kuma malamin ya cure su wuri ɗaya. Na farko shi ne gajartar lokaci tsakanin Alhamis da Litinin, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne a cikinmu. Na biyu shi ne kwana biyun da ya yi da labari a bakinsa, daga Alhamis zuwa Asabar, wannan laifinsa ne, kuma na gaya masa, domin da ya zo mini ran Juma'a da safe da na sami wanda zai maye gurbinsa cikin sauƙi daga 'yan jiran aiki da ke taruwa a bakin get. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne wata biyar da ya ɓoye ciwon, a nan kuwa, da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga ina da kaso, domin ni ne na saba faɗa a gaban jama'a cewa ba na son mai yawan uzuri, har suka fahimci cewa wanda ya ambaci asibiti ya sa ƙafarsa ɗaya a waje. Dokar mako biyu da malamin ke kira a kafa ba za ta haifi kome ba sai irin wannan ɓoyo, domin wanda ya san ba za a saurare shi ba, ko dai ya ƙi amsa kiran asibiti ya ci gaba da ɗaukar kilo 50 a kan ƙaba, ko ya ɓace ran Litinin ba sallama ya dawo da ƙarya. Ƙaba kuwa, kamar yadda kowane likita zai faɗa, tana iya shaƙe hanji, kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ciwo ya tsananta, amai ya biyo baya, a lokacin nan aikin da za a yi cikin natsuwa ya zama na ceton rai cikin dare, shugaban da ya ƙi notis na kwana biyu ya wayi gari ba shi da notis ko na sa'a ɗaya.

Malamin ya yi ta ambaton doka ba tare da ya nuna wurin ba, don haka bari mu buɗe ta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta na 1971 ne, ta ce a sashe na 16 ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi ladan har kwana 12 na aiki a cikin shekara idan rashin lafiya na ɗan lokaci ya hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya ba da shaida, kuma ta ba mai aikin damar ya nemi likitan da shi ya zaɓa ya duba ma'aikacin. Ba ta ɗora sharaɗin mako biyu ba. Abin da ta nema bayyina ce, ta kuma bai wa mai shakka hanyar kawar da shakkarsa. Inda ta yi maganar notis shi ne sashe na 11, a kan rabuwa da aiki ɗungum, can ma wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, notis ɗin mako ɗaya ne a kansa. To, ina roƙon malamin ya dubi wannan da idon basira: yaron da doka ta yarda ya ajiye aiki har abada da notis na kwana bakwai, ta yaya za a ce ba zai je a yanke masa ciwo ba sai da na kwana goma sha huɗu? Na san dokar ta fi shafar leburori da akawuna, manyan ma'aikata kuwa takardar ɗaukarsu aiki ce ke hukunci a kansu, amma ai a kan leburorin muke magana.

Ga yadda muka warware ta mutumin nan, don mai karatu ya ga abin ba ya gagara. A wurinmu kwana shida ake aiki a mako, saboda haka kwana 12 na rashin lafiya sun ɗauke masa mako biyu. Sashe na 18 ya ba wanda ya cika shekara yana aiki hutun aƙalla kwana shida da albashi, shi kuwa bai ci nasa ba, sai muka jona shi ya zama mako na uku. Likita ya rubuta kada ya ɗauki nauyi sai bayan mako shida, abin da aka saba faɗa wa wanda aka yi wa irin wannan aiki, sai muka zaunar da shi a bakin mota yana ƙirga buhu na sauran mako uku, shi kuma mai ƙirgar, saurayi ne mai ƙarfi da ke son ƙarin kuɗi, ya shiga ayari. A daren Asabar ɗin na zaunar da shi muka rubuta takarda, wadda tun daga ranar ta zama abin da nake nema daga kowa, ga ta kamar haka: "Ina sanar da kai cewa asibiti sun kira ni ran Alhamis da la'asar, sun ce in kwanta ran Litinin a yi mini aiki ran Talata. Ga katina, ga lambar da aka kira ni da ita. Ina neman kwana 12 na rashin lafiya, da kwana shida na hutun shekara a bayansu, in dawo ran Litinin ta mako na huɗu in Allah ya yarda. Zan aiko da takardar likita da zarar an sallame ni. Idan an ɗage aikin, zan dawo bakin aiki washegari." Babu roƙo mai tsawo a cikinta, babu rantsuwa, babu bayanin abin da ke ƙarƙashin wando, don shugaba ba ya bukatar sanin sirrin jikin mutum fiye da abin da likita ya rubuta. Abin da ke cikinta shi ne yaushe aka sani, daga wa, kwana nawa, daga wane kaso, da ranar dawowa.

Jimlar ƙarshen nan ta ɗagewa ba ado ba ce. Sau da yawa mutum yakan kwana a asibiti, a hana shi ci da sha tun dare, gari ya waye a ce an kawo waɗanda suka yi haɗarin mota sun cinye ɗakin tiyata, ko jininsa ya hau don fargaba, a sallame shi sai wani mako. Wanda ya koma gida ya kwanta ya ci kwanakin nan shiru, ya ci amana, kuma idan kira na biyu ya zo ba shi da bakin magana. Wanda ya dawo da safe ya ce an ɗage, shi ne wanda ba na tambayarsa hujja karo na biyu.

Game da jarrabawa kuwa, zan sassauta, domin a nan malamin yana da rabin gaskiya. Dokar Ƙwadago ba ta ware wa ma'aikaci hutun jarrabawa ba, abin da ke akwai shi ne hutunsa na shekara, ko musanyar duti da abokin aiki, ko alherin shugaba. Kuma jarrabawa iri-iri ce. Wanda zai zauna ta WAEC, jadawalinta yana fitowa da sauran lokaci mai tsawo, idan ya zo mini ana gobe ya ce ba zato, ba na karɓa. Amma ta JAMB, ko da an san makon da za a fara, ɗalibi ba ya sanin ranarsa da sa'arsa da cibiyarsa sai ya buga takardar shiga, wadda ake buɗewa kwanaki kaɗan kafin a fara. A shekarar 2025 ma, ran 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma fara sake jarrabawar ran 16 ga watan. Kwana biyu ke nan. A cikin wannan taro babu shakka akwai masu aiki a shaguna da gareji da ofisoshi, ina so malamin ya gaya mini ta wace hanya ɗayansu zai kawo notis na mako biyu. Haka nan waɗanda ke karatun wucin gadi a jami'a suka sha bayan yajin aikin malamai na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, da aka dawo aka riƙa matse zangon karatu ana sauya jadawali.

Abin da nake nema ga mai jarrabawa shi ne ya gaya mini ranar da ya yi rajista, in rubuta a gefen jadawali cewa wane yana da jarrabawa a wata kaza, rana ba ta fito ba. Haka mai jiran tiyata, ranar da aka sa sunansa a littafi. Wannan ita ce sanarwa ta farko, ta al'amarin kansa, kuma a kanta na yarda a tsananta, bisa sharaɗin shugaba ya ba da amana cewa faɗin ba zai zama sanadin kora ba. Idan an yi ta, sanarwa ta biyu, wato ta rana, ko ta kwana ɗaya ce ba ta girgiza kowa, domin an riga an san wanda zai shiga gurbin. Gane mai gaskiya kuma ba ya bukatar duba: takardar jarrabawa tana ɗauke da rana da cibiya, saƙon waya yana ɗauke da sa'ar da ya shigo, katin asibiti yana da kwanan wata da hatimi. Maƙaryaci yakan zo da labari mai yawa da takarda kaɗan, kwanakin da yake nema ba su da iyaka sananniya, kuma abin mamaki lalurarsa takan faɗo daidai da jajibirin salla ko ranar wani biki.

Akwai magana ɗaya a maƙalar da ta fi ci mini rai, inda malamin ya ce wanda ke son karatu ko magani ya nemi lokacinsa, kada ya ci na mai aiki. Ban san inda malamin ke aiki ba, amma na san leburan da ke tashi daga dutin dare ya wanke ƙurar siminti ya buɗe littafi ba shi da wani lokaci da ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, kuma na san akawun da ke taya ni a kan jadawalin nan da lodi ya fara, da musanyar duti ya rubuta jarrabawarsa. Mai ƙabar kuwa ya dawo ran Litinin ɗin da ya faɗa, ya yi mako ukunsa yana ƙirga, ya koma ayari, mota ko ɗaya ba ta kwana saboda shi ba.

Don haka ina kira ga malamin, tare da girmamawa, da ya janye dokarsa ta mako biyu, ya maye ta da guda biyu: ma'aikaci ya faɗi al'amari ranar da ya shiga layin jira, ya kuma faɗi rana kafin kwana ɗaya ya wuce da jin ta, da shaida a hannu. Idan kuma har yanzu yana kan bakansa, to ya zo Kalambaina ran wata Asabar da yamma ya zauna a kan bencin ofishin lodi, in ba shi jadawali da alƙalami, ya gaya wa wanda ya tsuguna da katin asibiti da bakinsa cewa ya koma sai bayan mako biyu.